Yadda ake tsara bidiyon waƙar rap kan rashin aikin yi: ambulan, benci da takalmi

Waƙar rashin aikin yi tana da tarko guda ɗaya da ke kama yawancin masu yi mata bidiyo. Da zarar darakta ya ji kalmar, sai ya nufi bola, ya nemo yara masu yagaggun kaya, ya sa mawaƙi ya tsaya a gaban rusasshen gini yana wurga hannu. Wannan hoton talauci ne, kuma talauci daban, rashin aiki daban. Saurayin da ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, ya shekara uku yana yawo da takardu, sau da yawa ya fi kowa tsafta a unguwa. Yana wanka da sassafe, yana goge riga, yana share takalmi, ya fita ya dawo hannu rabbana. Abin da ke cinsa shi ne jira, da maimaita rana ɗaya sau ɗari. Don haka aikin bidiyon shi ne ya nuna lokaci yana wucewa a kan mutumin da bai daina ƙoƙari ba. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi, kuma na ɗauki Kano a matsayin wurin aiki.

Fara da auna waƙar, ba da kyamara ba

Kafin ka yi tunanin lokeshin, zauna da waƙar da takarda. Ka tambayi wanda ya haɗa kiɗan saurinsa, wato lambar da manhajarsa ke nunawa kusa da BPM. A ce 90 ce, wadda ta dace da rap mai ba da labari. Masu rap suna lissafin waƙa da gaɓa, kowace gaɓa bugu huɗu. Bugu 90 a minti ɗaya na nufin kowace gaɓa tana cin daƙiƙa 2.67. Baiti mai gaɓa 16 zai ci kusan daƙiƙa 43, amshi mai gaɓa 8 kuma daƙiƙa 21.

Waƙar da za mu yi aiki da ita tana da shimfiɗa mai gaɓa 4, baiti na farko 16, amshi 8, baiti na biyu 16, amshi 8, gajeren baiti 8, amshi 8, sai rufewa 4. Jimla gaɓa 72, minti 3 da daƙiƙa 12. Rubuta lokacin da kowane sashe ke farawa: baiti na farko a 0:11, amshi na farko a 0:53, baiti na biyu a 1:15, amshi na biyu a 1:57, gajeren baiti a 2:19, amshi na ƙarshe a 2:40, rufewa a 3:01. Wannan takardar ce za ta gaya maka yawan ɗaukar da kake buƙata. Idan kowace ɗauka za ta zauna gaɓa biyu, baiti na farko ɗauka takwas ne kawai. Wanda bai yi wannan lissafin ba yakan dawo da hoton awa uku, edita kuma ya rasa abin da zai cike daƙiƙa ashirin na amshi.

Sannan ka nemi layin da waƙar ta tsaya a kai. A misalinmu amshin yana cewa: “Gobe ka dawo, gobe ka dawo, shekara uku ina jin gobe ka dawo.” Baiti na farko na mai kwalin digiri ne, na biyu na sauran ’yan majalisa ne da ƙananan sana’o’in da suke lallaɓawa, gajeren baitin kuma magana ce da mahaifiya.

Abubuwa uku da za su riƙe labarin

Alama a bidiyo ba ta aiki sai ta dawo, kuma duk dawowar da za ta yi ta zo da canji. Abin da ya fito sau ɗaya ado ne kawai. Uku sun isa. Idan suka kai biyar mai kallo ba zai riƙe ko ɗaya ba.

Na farko shi ne ambulan ruwan ƙasa, babba, irin wanda ake zuba takardun neman aiki. Duk wanda ya taɓa neman aiki a Najeriya ya san shi tun daga nesa, ba sai an yi bayani ba. A farkon bidiyo sabo ne fil, jarumin, wato mawaƙin kansa, yana riƙe da shi da hannu biyu. A tsakiya gefensa ya lanƙwashe, gumin hannu ya yi masa tabo. Daga baya yana kare rana da shi, yana fifita da shi, har ya shimfiɗa shi a kan dakali ya zauna don kada wandonsa ya yi datti. Inda abin ya fi ciwo shi ne wurin mai ƙosai: ta miƙo masa ƙosai a naɗe cikin takarda, ya buɗe, sai ya ga kwafin takardar neman aikin wani ce, da hoton fasfo mai ya jiƙa shi. Ba ya cewa komai, kyamara ma ba ta matsowa fuskarsa. Hannunsa da takardar sun isa.

Saboda ba a jere ake ɗaukar bidiyo ba, ambulan ɗaya ba zai yi ba. Sayi shida iri ɗaya. Bar biyu sababbi, sauran huɗun ka tsufar da su mataki-mataki: lanƙwasa, ɗan ruwan shayi a inda yatsu ke kamawa, ƙura, yagewar baki. Rubuta lamba da fensir a bayan kowanne, kuma mai kula da kwantiniti, wato mai tabbatar da kaya ba su saɓa ba daga ɗauka zuwa ɗauka, ya riƙe su a jaka ɗaya. Takardun ciki duka na ƙirƙira ne. Kada ka yi amfani da kwalin wani na gaske, ko lambar waya mai aiki, ko tambarin wata jami’a. Takardar da za a naɗe ƙosai da ita kuwa a tabbata babu rubutun Larabci ko sunan Allah a jikinta, har da sunayen mutane masu ɗauke da shi, domin wannan kaɗai zai iya jawo wa bidiyon fushin da ba shi da alaƙa da saƙonsa.

Na biyu shi ne bencin majalisa, kuma shi ne agogon bidiyon. Duk wanda ya zauna a majalisa ya san ’yan majalisa inuwa suke bi. Da safe benci yana gindin katangar gabas, da rana ta take inuwa ta tsuke kowa ya matse, da la’asar a ɗauki benci a tsallaka da shi gindin katangar yamma. Amshi uku muke da su, don haka kowane amshi zai sami lokacinsa na yini, daga kusurwa ɗaya tak, kyamara ba ta motsi. A amshi na farko mutum uku ne a benci. A na biyu sun zama shida, ɗaya da rigar da aka ga ya saka ranar da ya je jarrabawar ɗaukar aiki. A na uku benci ya cika har wasu na tsugune, amma gurbi ɗaya babu kowa sai silifas a ƙasa: mai wurin ya tafi ci-rani. Ban yarda a nuna su suna karta ko shaye-shaye ba. Mutane sun daɗe suna kiran wannan zama zaman kashe wando, kuma bidiyon da ya maimaita wannan zargin ya juya wa waƙar baya. A ba su abin yi na gaskiya: ɗaya yana cike fom a waya, ɗaya yana gyara caja, ɗaya yana koya wa ƙaninsa lissafi.

Na uku ƙarami ne: baƙin takalmi sau-ciki. Kullum da asuba ana goge shi, kullum da magariba ya dawo fari fat da ƙura. Shi ke nuna maimaici, kuma shi ne mafi sauƙin ɗauka.

Zaɓen wuri da neman izini

Lungun benci shi ne lokeshin da ya fi wuya, don haka da shi za ka fara. Kana neman lungu da ya miƙe daga kudu zuwa arewa, mai katanga hagu da dama, mai faɗin da mota ɗaya za ta wuce. Idan ya miƙe daga gabas zuwa yamma, inuwa ba za ta tsallaka ba, dabarar ta rushe. Je ka wurin sau uku a yini guda, wajen ƙarfe 8, ƙarfe 12 da rabi, da ƙarfe 4 da rabi, ka ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya. A unguwannin cikin Badala akwai irin waɗannan lunguna da katangun ƙasa masu kama haske da kyau. Kyamara ta kalli arewa: a watannin sanyi rana tana karkata kudu, don haka za ta kasance a bayanka, gabas kuma a hannun dama na hoton.

Akwai wata matsala ta hunturu. Hazo yana ba da launin da ya dace da wannan waƙa, fari-fari mai ƙura, amma idan ya yi kauri yana kashe inuwa gaba ɗaya. Ranar da ka miƙa hannu ba ka ga inuwarsa da kaifi a ƙasa ba, kada ka ɗauki benci. Ka juya ka ɗauki hanya da ƙofofi, waɗanda hazo ke ƙara wa kyau.

Don ƙofofin da ake cewa “gobe ka dawo”, yankunan masana’antu irin su Sharaɗa, Bompai da Chalawa suna da dogayen katangu da manyan ƙofofin ƙarfe, kuma tarihin masana’antun da suka durƙushe a can yana cikin abin da waƙar ke faɗa. Amma kada sunan wani kamfani ko tambarinsa ya fito. Abin da ya fi aminci shi ne ka sami ƙofar wani sito da mai shi ya yarda, ka rubuta allonka na “Babu gurbin aiki” ka rataya, mai gadin ma ɗan wasa ne.

Kafin ranar aiki, a je a gaida mai unguwa a gaya masa abin da za a yi da tsawon lokacinsa. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab’i, wadda ke aiki tun 2001, kuma waƙoƙi da bidiyonsu na cikin abin da take sa wa ido, don haka furodusa ya je ofishinsu da waƙar da tsarin ɗauka tun kafin a kashe kuɗi. Kakin bautar ƙasa a nuna shi a ninke cikin akwati, ba a jikin kowa ba, kuma a bar kayan ’yan sanda da na soja. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izinin hukuma, ga filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari. Idan kana son ganin birni daga sama, hawa Dutsen Dala da ƙafa zai ba ka shi.

Tsarin ɗauka daga farko zuwa ƙarshe

Shimfiɗa, 0:00 zuwa 0:11, ɗauka biyu. Ta farko kusa sosai: buroshi yana goge takalmi, hasken tocilan waya ne kawai, domin babu wuta. Ta biyu: hannu yana zura takardu cikin ambulan lamba 1. Ba a ga fuska ba tukuna.

Baiti na farko ɗauka takwas ne, kowace gaɓa biyu. Ya fito daga zaure, kyamara na bayansa, haske ya buge shi. A nan ne aka fara ganin fuskarsa yayin da ya waiwayo ya kama layin farko. Sai cikin A Daidaita Sahu, yana rap ta madubin direba, ambulan a cinya. Sai ƙofa ta farko daga nesa, shi ƙarami a gindin doguwar katanga. Sai kusa: ’yar tagar ƙofa ta buɗe, hannun mai gadi ya karɓi takarda, taga ta rufe daidai kan bugun ganga. Ɗauka ta biyar layi ne na masu neman aiki, kyamara na tafiya a matakin ƙugu, ambulan bayan ambulan, ba fuska. Mutum goma sha biyu sun isa idan hoton bai nuna ƙarshen layin ba. A cikinsu a sa mata biyu ko uku da hijabi da nasu ambulan, domin rashin aiki bai tsaya kan samari ba. Ta shida ƙofa ta biyu, an gina hoton daidai da na ƙofa ta farko, launin ƙofar kawai ya canza. Ta bakwai yana tafe a ƙasa, ambulan lamba 3 a kansa yana kare rana. Ta takwas takalmi ne, ya yi fari, ya tsaya a gaban benci.

Amshi na farko: hoton benci mai faɗi ya zauna gaɓa huɗu cur ba a yanka ba. Editoci da yawa hannunsu zai yi ƙaiƙayi a nan, amma zaman nan shi ne jiran da ake magana a kai. Sauran gaɓa huɗun a raba biyu: mawaƙi a tsakiyar benci yana kallon kyamara, sai fuskokin sauran suna amsa “gobe ka dawo”.

Baiti na biyu ya ninka sauri, ɗauka 16, kowace gaɓa ɗaya. Rabinsu mawaƙi ne yana tafiya cikin lungu yana rap, kyamara na ja da baya a gabansa. Sauran takwas hannaye ne a bakin aiki: mai buɗe waya da ƙaramin sukundireba irin na kasuwar waya ta Farm Centre, mai miƙa kuɗi a rumfar cirar kuɗi, mai ɗaukar dila a kafaɗa irin na Kantin Kwari, budurwa tana ɗaukar hoton turaren wuta da waya don ta tallata, direban A Daidaita Sahu yana ƙirga kuɗin da zai kai wa mai mashin da yamma. Waɗannan ba sai an shiga kasuwa ba. Tunda kusa ake ɗauka, tebur ɗaya da kaya kaɗan sun wadatar, kuma ka huta da cunkoson ’yan kallo. Gaɓa biyu na ƙarshe, waɗanda ke cikin takwas ɗin hannaye, na mai ƙosai ne da takardar nan.

Gajeren baiti, 2:19 zuwa 2:40, ɗauka ɗaya ce ba yanka. Tsakar gida bayan magariba. Mahaifiya ta ajiye masa kwanon tuwo, ta kwance bakin zaninta ta ciro kuɗi ta tura ƙarƙashin ambulan, kamar ba ta yi ba. Shi ya gani. Ba ya rap a nan, muryarsa ce kawai ke tafiya a kai. Idan ana son jin maganarsu, a rage kiɗa na gaɓa ɗaya ya ce, “Umma, ki bar shi,” ta ce, “Ci abincinka.” Wannan ɗaukar ita za a fi maimaitawa, don haka a ba ta awa guda cikakkiya.

Amshi na ƙarshe ya buɗe da samarin suna ɗauke da benci suna tsallaka lungu. Rufewa kuma ta koma kan takalmi da buroshi, amma wannan karon ƙaninsa yana gefe yana goge nasa takalmin makaranta.

Ranar aiki

Kwana biyu sun isa. Rana ta farko ta lungu ce. Kafa kyamara a kan ƙafarta da sassafe, ka zana wurin kowace ƙafa da alli ko fenti a ƙasa, ka auna tsayinta da tef, ka rubuta gilashin da ka yi amfani da shi. Idan da kyamara ta biyu, bar wannan a wurin yini guda da mai tsaronta. Tsakanin ɗaukar benci uku akwai sa’o’i. A cikinsu ake yin hannaye da mai ƙosai, bayan magariba a yi tsakar gida da takalmi. Rana ta biyu ta ƙofofi da hanya ce, a fara da fitowar rana a tsaya kafin ƙarfe 11, domin ranar tsaka tana zuba baƙar inuwa a cikin idanu.

Saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, a 1/50 na daƙiƙa. Dalili shi ne wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan ka ɗauka a 30 ko 60 ƙarƙashin ƙwan lantarki za ka ga hoton yana kyaftawa ko layuka na gangarowa. Janareta ƙarami ba ya riƙe wannan ƙa’ida sosai, don haka a tsakar gida fitila mai batir ta fi aminci. A waje kuma kana buƙatar gilashin rage haske, wanda ake sayarwa da sunan ND. In babu shi za ka ɗaga shata, motsin hannun mawaƙi ya riƙa tsinkewa. Tafiyar hawainiya, wato ɗauka a 50 a mayar 25, a bar ta ga takalmi, ƙura da ɗaukar benci. Kada a yi ta inda baki ke rap, domin sai an kunna waƙar da ninkin sauri kafin baki ya dace, kuma ba mai iya furta baitin rap a haka.

Waƙar da za a kunna a sifika ta zama ita ce ta ƙarshe da aka gama haɗawa, a sa mata ƙara huɗu a gaba don edita ya sami inda zai daidaita. Mawaƙi ya riƙa furtawa da murya sosai. Mai motsa leɓe kawai ana gane shi, domin jijiyar wuyansa ba ta tashi. Kowane baiti a ɗauke shi cikakke aƙalla a wuri biyu, ko da tsarin ya ce gaɓa biyu kawai ake so, saboda shi ne abin cike giɓi. Da an kira salla a kashe sifika, kuma a sa wannan cikin jadawali tun farko: ɗaukar benci ta biyu ta ƙare kafin azahar, ta uku ta fara bayan an idar da la’asar.

Wajen haɗawa

Jera hotunan a kan waƙar bisa lokutan da ka rubuta tun farko, sannan ka kashe sauti ka ba wanda bai san waƙar ba ya kalla. Idan ya iya gaya maka cewa saurayi ne ke neman aiki, kwanaki na wucewa, majalisa na ƙara cika, alamomin sun yi aiki. Idan ya ce bai lura da ambulan ba, to ɗaukarsa ta yi nisa ko ta yi gajarta, a ƙara mata gaɓa. Duba kuma lambobin ambulan: sabo ya bayyana bayan tsoho kuskure ne da masu kallo ke kamawa nan take.

Launi kada a cika shi. Ƙasa-ƙasa da fari su rinjaya, ruwan ɗorawar A Daidaita Sahu ya zama shi ne launi mai ƙarfi, fatar mutane kuma ta zauna yadda take ba a haskaka ta ba. Tunda yawancin masu kallo a waya za su gani, kuma za a yanko guntaye a tsaye don TikTok da sitatus, tun wajen ɗauka a riƙa ajiye ambulan, takalmi da fuskar mawaƙi a tsakiyar hoto. Hoton benci ne kaɗai ba zai yanku a tsaye ba, domin faɗinsa ne ma’anarsa, don haka a kowane lokaci na ukun, bayan an gama na kwance, a juya waya ko kyamara ta biyu a ɗauki na tsaye daga ɗan nesa kafin inuwa ta gusa.